Tumatir Na Gudu, Doya Na Barci: Numfashin Amfanin Gona Bayan Girbi

Duk wanda ya taɓa tura hannu cikin tsakiyar kwandon tumatir da ya kwana a kasuwa ya san abin da zan faɗa. Na sama suna da sanyin asuba a jikinsu, amma da zarar hannu ya nutse zuwa gwiwa sai ka ji ɗumi, kamar ka taɓa goshin yaro mai zazzaɓi. Ka zaro hannun, sai ka gan shi jiƙe, da wani ɗan wari mai tsami-tsami. Ba wanda ya hura wuta a ƙarƙashin kwandon, rana ma ba ta fito ba. Wani ɓangare na ɗumin nan zafin jiya ne da tumatirin ya kwaso daga gona bai samu hanyar fita ba, sauran kuwa tumatirin ne da kansa yake samar da shi.

A watan Maris, lokacin da manoman rani na Kadawa, Kura da Bunkure ke tururuwa da kwandunansu zuwa Kwanar Gafan suna addu'ar kada kaya su kwana, a daidai wannan lokaci akwai doyar da aka haƙa tun Disamba a yankin Zaki Biam ko Paiko, tana jibge a rumfa, ba abin da ya same ta. Ɗaya ba ya iya mako guda a zafin bazara, ɗaya tana yin wata uku zuwa huɗu. Amsar da aka saba bayarwa ita ce tumatir ruwa ne, doya kuwa ƙarfi gare ta. Akwai gaskiya a ciki, domin kusan kashi 94 cikin 100 na tumatir ruwa ne, na doya kuwa tsakanin kashi 60 zuwa 70. Amma wannan ba ta bayyana dalilin da ya sa doyar nan mai ƙarfi take tsotsewa ta koma kamar icce daga watan Afrilu ba, ko dalilin da ya sa doyar da aka haƙa da damina take ruɓewa tun ba a je ko'ina ba. Don a gane wannan, sai an yarda da abu guda tukuna: tsinke tumatir daga reshe ko haƙe doya daga kunya ba ya kashe su. Suna nan da ransu, kuma suna numfashi.

Numfashin tsiro ba na huhu ba ne, amma aikinsa ɗaya da namu. Kowace ƙwayar halitta mai rai da ke cikin naman tumatir ko na doya tana shaƙar iskar oksijin, ta ƙone sukarin da ke cikinta sannu a hankali don ta samu ƙarfin ci gaba da rayuwa. Abubuwa uku ke fitowa daga wannan ƙuna: iskar kabon dayoksaid, ruwa, da zafi. Muddin ɗan yana jikin uwarsa ba matsala, domin ganye na haɗa sabon sukari da hasken rana, saiwa na jawo ruwa, duk abin da aka kashe ana mayar da gurbinsa. Ranar da aka girbe shi kuwa ya zama matafiyi da guzurinsa a jaka. Ci kawai zai yi ta yi, ba ƙari. Tsawon tafiyarsa ya dogara ne ga yawan guzurin, da saurin cinsa, da kuma inda ya nufa.

Masana na auna wannan numfashi ta hanya mai sauƙin fahimta. Sukan sa kilo ɗaya na kayan a cikin kwalba rufaffiya, bayan awa ɗaya su auna yawan kabon dayoksaid da ya taru. A zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyos, kilo ɗaya na tumatir yakan fitar da kimanin mililita 20 a awa. Ita kuma farar doya, wadda muke yin sakwara da ita, a ranakun farko bayan haƙa takan fitar da kimanin mililita 15. Wato a ranar girbi tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya raba su shi ne abin da ke biyo baya. Numfashin doya yakan yi ta sauka har ya kai kusan mililita 3, ya zauna a nan wata da watanni. Na tumatir kuwa ba ya samun wannan hutu ko na kwana ɗaya.

Dalili shi ne kowannensu da aikin da aka halicce shi ya yi wa tsironsa. Tumatir ɗan itace ne, jaka ce ta iri. Burinsa ya yi ja, ya yi laushi, ya yi zaƙi, tsuntsu ko dabba ta ci ta kai irin wani wuri, ko kuma ya faɗi ya fashe irin ya shiga ƙasa. Abin da mu muke kira lalacewa, a wurin tsiron cikar aiki ne. Doya kuwa rumbu ce. Tsiron doya ya san rani na zuwa, ganyensa zai bushe, don haka sai ya tara sitaci a ƙarƙashin ƙasa ya ajiye wa shukar baɗi. Aikin wannan rumbu shi ne ya tsallake watannin rani bai taɓa ajiyar ba, sai ruwa ya kusa.

Bahaushe ya riga ya raba kalmomi biyu da ke da amfani ƙwarai a nan, ƙosa da nuna. Tumatir yakan ƙosa tun yana kore: girmansa ya cika, irinsa ya yi ƙwari, in ka yanka shi za ka ga ruwa mai yauƙi ya kewaye irin, wuƙa kuma ba ta yanka ƙwayar irin, zamewa take yi. Daga wannan mataki zai iya nuna ko da an tsinke shi. Abin da ke tayar da nunar wata iska ce da ake kira etilin, wadda shi tumatirin ne ke fitar da ita da kansa. Da ta fara fita sai numfashi ya hau, koren ya fara dishewa daga ƙasan ɗan, ja ya biyo baya. Wasu masana biyu a Ingila, Kidd da West, su ne suka fara bayyana wannan hauhawar numfashi ta lokacin nuna a shekarun 1920, a kan tuffa, sannan a 1934 wani mai suna Gane ya tabbatar da cewa 'ya'yan itace da kansu suke fitar da etilin. Ayaba, mangwaro, gwanda da tumatir duk 'yan gida ɗaya ne a wannan hali. Matan da ke rufe ɗanyar ayaba a buhu tare da nunanna ɗaya don ta yi saurin nuna, da wannan iska suke aiki ko da ba su san sunanta ba.

Halin etilin shi ne kaɗan daga cikinta na sa a fitar da mai yawa. Tumatir ɗaya da ya fara nuna yana zuga na kusa da shi, wanda ya ƙuje ko ya matse kuwa ya fi kowa fitar da ita. In kuma nuna ta fara, ba ta da birki na gaskiya. Sanyi na rage mata gudu, amma ba abin da ke mayar da ita baya. A cikin naman ɗan akwai wani danƙo da ke riƙe ƙwayoyin halitta da juna, kamar yadda laka ke riƙe tubali. Nuna na narkar da wannan danƙo. Shi ya sa tumatirin da jiya ka matsa ka ji shi tamau, jibi yatsa zai lotsa shi.

A nan ya kamata in gyara wata fahimta. Numfashi ba ya kashe tumatir ta hanyar cinye guzurinsa ƙarƙaf. Mililita 20 a awa na nufin kilo ɗaya na ƙone kimanin giram 0.6 na sukari a kwana, alhali yana ɗauke da kusan giram 30. Kashi biyu cikin ɗari ke nan a kwana, abin da zai rage masa ɗanɗano amma ba zai ruɓar da shi a mako ba. Ɓarnar numfashi tana zuwa ne ta wajen zafi da laimar da yake haifarwa, da laushin da ke tafiya tare da shi. Su ke buɗe wa fumfuna da ƙwayoyin cuta ƙofa, su kuma su ƙarasa aikin.

Mu bi mota ɗaya mu gani. A ce an tsinki tumatir a Kadawa da hantsi, an ci gaba har azahar, an zuba a manyan kwanduna masu cin kilo 50 zuwa 60, an jera su a bakin titi cikin rana ana jiran ciniki. Ɗan tumatir da ke shan rana kai tsaye yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi, don haka in iska na digiri 35, naman na saman kwando zai iya haura 40. Da yamma aka yi lodin tan 10, kwando bisa kwando, aka ja tamfol aka ɗaure, aka nufi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kilomita wajen 1,000. Duk zafin da kayan suka sha da rana an rufe shi tare da su.

Yanzu ga lissafin numfashi. Tan ɗaya, ko a digiri 25, yana ƙone kimanin giram 600 na sukari a kwana, zafin da wannan ke bayarwa kuwa ya isa ya tafasa lita 30 na ruwa. Tan 10 ke nan lita 300, wato jarka 12 masu cin lita 25. In zafin bai samu mafita ba, zai ɗaga zafin lodin da kimanin digiri 2 kowace kwana. Wani zai ce ai digiri 2 ba wani abu ba ne. To, ƙa'idar da masana suka daɗe da tabbatarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin numfashi sau biyu, wani lokaci har uku. Lodin da ya tashi da digiri 35 yana numfashi ne ninki biyu na wanda ya tashi da 25, zafin da yake samarwa ma ninki biyu, wannan zafi kuma ya sake ƙara wa numfashin gudu. Ruwan da ke fita daga jikinsu ba shi da inda za shi, sai ya zama gumi a ƙarƙashin tamfol ya ɗiga a kansu.

A ƙasan kowane kwando kuma wani labarin ne. Na ƙasa suna ɗauke da nauyin kilo 50 na 'yan'uwansu da na kwandon da aka ɗora a kai, tsinken kwando na soke su, kowane rami a titi na ƙara matse su. Fatar tumatir siririya ce mai ɗan kakin da ke hana ruwa da cuta ratsawa, amma in ta tsage shi ke nan, ba ta warkewa. Ko ba tsaga ma akwai ƙofa ɗaya a buɗe, wato cibiyar da ta rage inda aka tsinke shi daga reshe. Ta nan yawancin iska ke shiga da fita, ta nan kuma ƙazamin ruwa ke shiga in an jiƙa shi. Ɗaya ya fashe, ruwansa mai sukari ya gangara kan goma. A ɗumin digiri 30 zuwa 35, ƙwayoyin cutar da ke narkar da nama ba sa buƙatar fiye da kwana ɗaya ko biyu su mayar da ɗan tumatir jakar ruwa mai wari. Wata fumfunar kuma takan fito kamar farar auduga mai baƙaƙen ɗigo, ta haye daga wannan zuwa wancan. In mota ta lalace a hanya ko aka tsaya a shingaye, kwana biyu ya zama uku, dillalin Legas zai tarar da ruwa na zuba daga gindin kwanduna tun kafin a sauke. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin Nijeriya na salwanta tsakanin gona da tukunya.

Akwai alama guda da mai saye zai gane tumatirin da ya sha zafi ko da bai ruɓe ba. Sinadarin da ke ba shi jan launi ba ya haɗuwa sosai in zafi ya haura digiri 30. Sai ka ga tumatir ya yi laushi, ya nuna, amma launinsa ruwan lemo ne ko rawaya-rawaya, musamman a kafaɗa. Irin wannan ba zai daɗe a gida ba, a dafa shi a ranar.

Wannan mota ɗaya, da an tsinki kayanta da asuba kafin rana ta yi ƙarfi, a matakin da ja ya fara ɓullowa a ƙasan ɗan, aka ajiye su a inuwa, aka tsince fasassu, aka zuba a kiret na roba mai cin kilo 20 zuwa 25, da labari ya sha bamban. Kiret yana da huji ta ko'ina, iska na ratsawa ta kwashe zafi da etilin, in an ɗora wani a kan wani kuma gefen kiret ne ke ɗaukar nauyi, ba tumatir ba. Na san abin da ke hana manomi: kiret na da tsada, sai an biya kuɗin dawo da shi fanko daga kudu, ciniki kuma an saba yin sa da kwando. Waɗannan uzurori ne na gaskiya. Amma tsinka da sanyin safiya da rumfar zana a bakin gona ba sa cin kuɗin da za a ce sun gagara, kuma a ganina su ne mafi arhar gyara a duk harkar tumatir ɗinmu.

Mu koma ga doya. Me ya sa ita ma take numfashi da ƙarfi a kwanakin farko? Saboda tana jinyar kanta. Ba doyar da ke fitowa daga ƙasa ba rauni: an yanke ta daga kai, fartanya ta shafe ta a gefe, ta ƙuje wajen lodi. Abin da doya ke iyawa wanda tumatir bai iya ba shi ne ɗinke miki. Ƙwayoyin halittar da ke ƙarƙashin yankan sukan farka, su yi wani kaki da ke toshe wurin, sannan su gina sabon ɓawo mai kauri a ƙasansa. Wannan gini ƙarfi yake ci, shi ya sa numfashi ke sama. In an gama sai ya sauka, doya ta kwanta barci.

Warkewar nan ba ta yiwuwa sai da ɗumi da laima tare, kuma a nan ne hunturu ke cutar da masu doya ba su sani ba. Doyar da aka haƙa a Disamba aka baza a busasshiyar iska, mikinta yakan bushe ya tsage kafin sabon ɓawo ya ginu, fumfuna ta samu hanya. Yadda ake taimaka mata ba wuya. A cikin kwana ɗaya ko biyu da haƙa, a ɗauki wuƙa mai kaifi a gyare duk wurin da ya daddage, domin yanka mai santsi yana warkewa, amma wurin da ya dauje ta ciki da wuya ya warke. Wasu kan shafa tokar itace a kan yankan. Sai a tara doyar a wuri mai 'yar inuwa, a lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa mai kaurin kusan taƙi ɗaya, a ɗora buhunan algarara ko tabarmi a kai. Ba a sa leda, domin tana tara gumi ta hana iska. Numfashin doyar da kansa zai ɗumama tarin zuwa digiri 30 da wani abu, ya cika shi da laima. Bayan kwana huɗu zuwa mako guda a buɗe. Alamar an dace ita ce yankan ya bushe ya yi tauri, launinsa ya koma ruwan ƙasa, in ka danna da farce ba ya fitar da ruwa. Abin lura a nan shi ne zafin numfashi da laimar da ke hallaka tumatir a ƙarƙashin tamfol, su ne magani ga doya, muddin na 'yan kwanaki ne. In aka wuce haka aka bar ta a rufe, ita ma ruɓa za ta yi.

Sabuwar doyar da ke shigowa kasuwa a Yuli da Agusta ba ta cikin wannan lissafi. An yanke ta ne daga jikin tsiron tun ganye na kore, aka bar kan ya sake yin wata. Fatarta ba ta yi ƙwari ba, ruwanta ya yi yawa, ga babban yanka a kai, ga laimar damina. Ta ci ce, ba ta ajiya ba. Doyar ajiya ita ce wadda aka bari har ganye ya bushe, daga Nuwamba zuwa Janairu.

Barcin farar doya yakan ɗauki wata biyu zuwa huɗu, gwargwadon iri. A wannan lokaci ko ka binne ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba za ta tsira ba. Masu sayar da doya da ƙwarya suke lissafi, wato guda 100. A ce kowace tana da kilo 3, ƙwarya ɗaya kilo 300 ke nan, kuma kusan rubu'in nauyin sitaci ne. Tana barci, duk ƙwaryar ba ta ƙone abin da ya wuce giram 30 a kwana ba. A wata guda bai kai kilo ɗaya ba, kimanin sitacin doya guda ɗaya cikin ɗari. Ruwan da ke fita ta fata shi ne ya fi rage mata nauyi. Wannan raguwar ruwa, tare da ɗan sitacin da ke juyewa sukari, su ne dalilin da ya sa tsohuwar doya ta fi sabuwa zaƙi, sakwararta kuma ta fi danƙo.

Sai wata rana, wajen Fabrairu ko Maris, ka ga wani ɗan farin ƙullutu ya ɓullo a kan doyar. Ta farka ke nan. Numfashinta yakan tashi daga mililita 3 zuwa sama da 30, ya zarce na tumatir. Rumbu ya buɗe, ana kwasar sitaci ana aika wa tsiro. In aka bar shi ya ci gaba a wannan mataki, ƙwaryar nan da ke cin giram 30 za ta koma cin giram 300 a kwana, wato sitacin doya 12 a wata maimakon ɗaya. Ban da haka, tsiron ba shi da ɓawo, ta jikinsa ruwa ke tsiyayewa cikin iskar bazara. Doya sai ta yanƙwane, ta yi sakayau a hannu, in an dafa a ji zare-zare. Garkuwarta ga cuta ma takan yi rauni, shi ya sa ruɓa ta fi yawa bayan tsiro. An daɗe da ƙiyasta cewa doya a ma'ajiyar gargajiya kan rasa kashi 10 zuwa 15 na nauyinta a wata ukun farko, amma zuwa wata shida asarar na iya kusantar rabi. Ga ƙasar da ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, wannan abinci ne mai yawan gaske.

Ba a iya mayar da doyar da ta farka barci, amma ana iya rage ɓarnar. A riƙa zagayawa kowane mako ana karye tsiron tun yana ɗan ƙarami, kafin ya kai tsawon yatsa. Zai sake fitowa, a sake karyewa. Doyar kuma ta kasance a inuwa, bisa katako ko rumfa sama da ƙasa, ba a jibge da yawa ba, yadda iska za ta ratsa kuma ido zai ga kowace ɗaya. Dalilin da ya sa manoman kudu maso gabas ke ɗaure doya ɗaya bayan ɗaya a jikin sanduna a ƙarƙashin inuwar itatuwa ke nan. Wajen dubawa, a ƙwanƙwasa ta da yatsa, a danna kai da gindi. Wurin da ya lotsa ko yake fitar da ruwa, ruɓa ce, a cire ta daga cikin sauran nan take. Wadda fatarta ta tsattsage, in ka kankare da farce ka ga ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi a ƙarƙashi maimakon fari, wata tsutsa ce da ido ba ya gani, ta shigo da ita tun daga gona. Irin wannan ba ta ajiyuwa, kuma kada a mayar da ita iri.

Tunda zafi ke hanzarta numfashi, mai karatu zai yi tunanin ai firji ya raba gardama. Ba haka ba ne, domin su biyun 'yan ƙasar zafi ne, sanyi mai yawa na yi musu lahani. Firjin gida yana tsakanin digiri 4 zuwa 5. Doya kuwa in ta daɗe a ƙasa da digiri 12, namanta kan yi duhu-duhu ya jiƙe, in an fito da ita ta ruɓe da sauri. Inda ta fi so shi ne digiri 15 zuwa 16. Koren tumatir da ya ƙosa, in ya yi kwanaki a ƙasa da digiri 13, ba zai sake nuna da kyau ba, sai fatarsa ta yi 'yan ramuka, baƙin tabo ya biyo baya. Wanda ya riga ya yi ja ya fi jurewa, yana iya zama a digiri 7 zuwa 10 na 'yan kwanaki, ko da yake ƙamshinsa na raguwa. Ɗaure su a leda ma kuskure ne: oksijin na ƙarewa, numfashi ya juye ya zama irin na tsimi, ka buɗe ka ji warin barasa.

Matsakaicin sanyi ake nema, kuma a ƙasarmu akwai hanyar samunsa ba da lantarki ba. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar tukunya shi ke janye zafi daga ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Tumatirin da zai yi kwana uku ko huɗu a tire yakan yi mako biyu ko fiye a ciki. Iyakarta ita ce da busasshiyar iska take aiki. Da damina, in iska ta cika da laima, sanyinta kaɗan ne. Sa'ar da aka yi, lokacin da tumatir ya fi yawa a Arewa, daga Janairu zuwa Afrilu, shi ne lokacin da iska ta fi bushewa. Wanda ya fi ƙarfin tukunya kuwa, a yanka a shanya ya zama kauɗa, domin busasshen nama ba ya numfashi. Sai dai a shanya a kan tabarma ko rufin da aka share, ba a ƙasa a gefen titi ba.

Uwargida, in kin sayo tumatir, juye shi daga leda da isarki gida, ki ware jajaye daga masu kore-kore, ki fara da wanda ya tsage, kada kuma ki wanke sai za ki yi amfani da shi. Mai doya a ɗaki ko a shago, daga farkon Fabrairu ka sa wa kanka rana ɗaya a mako ta duba kawunanta, ka karye duk tsiron da ka gani.